Mai babakere a kasuwa yawan kaya yake lissafawa kafin farashi

Duk lokacin da kamfani ɗaya ya kankane wata haja, kukanmu a kan farashi yake tsayawa. A ganina ya kamata mu fara duba yawan kayan da yake fitarwa, domin a nan yake yanke shawararsa. Cournot, masanin lissafi Bafaranshe, ya warware wannan tun 1838.

Mu ɗauka mutum ɗaya ne ke yin ƙanƙara a gari, ga zafin bazara, ga azumi. Kowane dunƙule yana cin masa naira 400 na man janareto, ruwa da leda. Idan ya sa naira 1,200, zai sayar da 80 a rana, cinikinsa naira 96,000. Kafin ya sami mai sayen na 81 sai ya sauko 1,190, kuma ragin ya shafi kowa, har waɗanda da ma za su biya 1,200 ba musu. Cinikin ya zama 96,390. Wato dunƙulen ya ƙaro masa naira 390 kacal, alhali ya ci 400. Na 80 kuwa 410 ya ƙaro. Saboda haka a 80 zai tsaya, inda ƙarin kuɗin shiga ya yi daidai da ƙarin kuɗin kashewa, abin da ɗalibai ke rubutawa MR = MC.

A nan da yawa daga cikinsu ke tuntuɓe a jarrabawa, su ce farashin naira 400 ne tunda can layin ƙarin kuɗin shiga da na ƙarin kuɗin kashewa suka haɗu a zane. Mahaɗar tasu yawan kaya kawai take faɗa. Farashi daga buƙatar masu saye ake karanto shi: nawa mutanen gari za su iya biya idan 80 ne kaɗai a kasuwa? Naira 1,200. Ribarsa 64,000 ke nan a rana, kafin ya cire hayar shago.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suka koma gida hannu wofi. Mai kunun zaƙi da za ta iya biyan naira 900 ba ta samu ba, ko da yake abin da za ta bayar ya fi ninkin kuɗin yin ƙanƙarar.

Shi ya sa ban yarda da masu cewa ƙayyade farashi kullum ƙarancin kaya yake jawowa ba. A kasuwar da ke da gasa haka ne. Amma a hana wannan mutumin wuce naira 800, ɓoye kaya ba zai ƙara masa komai ba, sai ya fitar da 120, ya ci ribar 48,000. Idan kuma aka matsa ƙasa da 400, kashe injin zai yi. Don haka hukuma irin NERC, mai sa ido kan kuɗin lantarki a Najeriya, dole ta san ainihin abin da kamfani ke kashewa kafin ta yanke farashi, ba abin da kamfanin ya rubuto mata kawai ba.