Asusu ya daskare, kuɗin ba su ɓace ba

“Na daɗe ban taɓa asusuna ba. Banki ya cinye kuɗin ke nan?” in ji wata ’yar kasuwa a Wuse da ke Abuja.

A’a Hajiya, kuɗinki suna nan. A ƙa’idar Babban Bankin Nijeriya, in asusu ya shekara ɗaya mai shi bai saka ko cire kuɗi ba, ya zama domant, wato ya daskare. Banki kan toshe fitar kuɗi ne saboda ɓarayi sun fi son asusun da mai shi ya daina lura da shi, musamman in an sayar wa wani tsohon layin wayarsa. Ki je reshe da kanki, da katin shaida, BVN da NIN, ki cike fom. Farfaɗowar kyauta ce, kada ki biya kowa.