Idan ba za ka je bikin ba, ka faɗa da wuri

Wani abokina ya gayyace ni aurensa saura mako uku, ranar kuwa ta zo daidai da jarrabawar da ba ni da ikon ɗagawa. Tun a lokacin na san ba zan je ba, amma jin nauyi ya sa na ce masa, "In sha Allahu da ni za a yi." Ya tanadar mini masauki, ya gaya wa iyayensa ina tafe. Da yammacin ranar ya kira ni sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Mun yi kusan shekara magana ba ta wuce gaisuwa, kuma da muka zauna daga baya ya ce da na faɗa masa gaskiya tun farko, da ko kaɗan bai ji haushi ba.

'Yan uwana matasa, ku guji wannan kuskuren. Mai biki da lissafi yake aiki: yawan kujeru, masaukin baƙi, da mutanen da zai dogara da su a ranar. Da zarar ka tabbatar ba za ka samu zuwa ba, ka sanar da shi cikin kwana biyu ko uku, tun yana da damar gyara shirinsa. Idan aboki ne na kusa, ka kira shi ko ka je da ƙafarka, domin rubutaccen saƙo ba ya ɗaukar muryar da za ta nuna masa cewa abin ya dame ka.

Ka fara da taya murna da addu'a, sannan ka faɗi maganar a fili: "Wallahi na yi farin ciki, Allah ya sanya alheri. Sai dai ba zan samu halarta ba, ina da jarrabawa ranar." Uzuri ɗaya na gaskiya ya wadatar, saboda wanda ya jero uku yakan sa a yi zargin dukkansu. Idan dalilin sirri ne, kamar rashin kuɗin tafiya, ka ce wani uzuri ne ya riƙe ka, kada ka ƙirƙiro rashin lafiyar da wata rana za ta tona maka asiri.

Kafin ku yi sallama, ka tambaye shi aikin da za ka iya ɗauke masa kafin ranar, kuma ka sa ranar da za ka je ka gaishe su da amarya. "Zan leƙo" ba alkawari ba ne, ka ce Asabar ta biyu bayan biki, sannan ka cika. Idan ka ji amsarsa ta gajarce ko muryarsa ta yi sanyi, ya ji zafi ke nan, kuma yana da hakki. Kada ka shiga kare kanka. Ka bar shi ya huce, ka aika masa da addu'a da safiyar ranar, ka sake kiransa bayan hidima ta lafa.