Manhajar rubutu ba ta san rijiyar unguwarmu ba

Tun da ChatGPT, manhajar da ke yi wa mutum rubutu idan ya ba ta umarni, ta fito a watan Nuwamba na 2022, takardun neman tallafi da ƙungiyoyi ke kawo mini in duba sun koma kama da juna kamar an tsaga kara. Kowace tana maganar "ci gaba mai ɗorewa" da "masu ruwa da tsaki". Ra'ayina shi ne laifin ba na manhajar ba ne, domin aikinta hasashen kalmar da ta fi yawan biyo bayan wata, saboda haka idan ba ka ba ta komai naka ba, abin da kowa ke faɗa za ta dawo maka da shi.

Ni ma na faɗa wannan rami lokacin da ƙungiyar unguwarmu ta nemi kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, saura kwana uku a rufe karɓar takardu. Umarni na layi ɗaya na rubuta wa manhajar, ta ba ni shafi biyu sumul, har da wata ƙididdiga ta masu fama da ƙarancin ruwa wadda da na bincika ban gano tushenta ba. Da na miƙa ta haka, aka kuma tambaye ni inda na samo, da na ji kunya.

Sai na sauya hanya. Na zauna da mai unguwa da wasu mata biyu, na naɗi hirarmu ta minti goma a waya, sannan na fitar da bayanai da hannuna: famfon ya ƙone wata biyar da suka wuce, gida 140 ne ke ɗiba a wurin, kuma 'yan mata kan makara zuwa makaranta saboda layin ruwa a unguwar maƙwabta. Wata daga cikin matan ta ce kuɗin 'yan garuwa ya fara cin na cefane, na kuwa bar maganarta yadda ta faɗe ta. Waɗannan na ba manhajar, na umarce ta da ta jera su a ƙarƙashin kanun fom ɗin masu tallafin, kada ta ƙara adadi ko ɗaya, inda bayani ya gaza kuma ta bar gurbi. Lambobin waya da na asusun banki ban saka mata ba.

Gwajin da nake yi wa kowane sakin layi mai sauƙi ne: in cire sunan unguwarmu in sa na wata, idan maganar ta zauna daram, to ba tamu ba ce, sai in goge. Sakin layi huɗu suka tafi ta haka. Na farkon kuwa ni na rubuta shi tun daga tushe, haka ma jimillar kasafin kuɗi da kalkuleta na sake haɗa ta, domin irin waɗannan manhajoji kan yi kuskuren lissafi ba tare da wata alama ba. Aikin da a da yakan ci mini kwana biyu, tsakanin la'asar da isha'i na kammala shi.