Kuɗin Haya, Malam!

Waƙar tawa ƙwar biyu ce, baiti ashirin, a kan rikicin mai gida da ɗan haya, kuma a takarda lafiyarta ƙalau. Sai masu shirya taron mawaƙa a Unguwar Rimi suka ce minti uku kowa zai samu. Na ɗauko jan biro na yi mata aski, ta koma baiti takwas.

Mai karatu in ɗango ya kuɓuce masa sai ya koma baya, mai sauraro kuwa ba shi da wannan gatan. Shi ya sa na ƙirƙiro amshi mai dawowa bayan kowane baiti biyu: "Kuɗin haya, Malam, kuɗin haya!" Na bi takardar da alama, layi ɗaya inda zan ja numfashi, layi biyu inda zan yi shiru in ƙirga uku a zuci. Mai gida na ba shi murya daga ƙirji, a hankali, har da gyaran murya irin na mai gidanmu. Ɗan haya kuma siririya, da sauri-sauri.

Da farko abin ya tafi daidai. Kafin zagaye na uku yaran da ke baya sun karɓe amshin. Sai na iso baitin ƙarshe, inda na ɓoye dariyar duka:

Ya ce wata ya mutu, ina rabon nawa?
Na ce ai aljihuna ya riga shi mutuwa.

A tsakanin ɗangwayen nan na sa layi biyu. Na faɗi na farkon, na sauke murya, na sunkuyar da kai ina ƙirgawa. Ban kai biyu ba tafi ya ɓarke. Mai gabatarwa ya taho da sassarfa ya zare makirfo daga hannuna yana cewa, "A ƙara masa tafi!" Ɗangon ƙarshe a kan matakala na faɗe shi, wani mai gyaran lasifika ne kaɗai ya ji, shi ma bai yi dariya ba.

Wani dattijon marubuci ya jawo ni gefe. "Ɗana, murya ta sauka, amsa-amo ya faɗi, kai ya sunkuya, me ya rage in ban da tafi? Shirunka bayan 'aljihuna' ya kamata ya zo, murya a rataye, hannu a sama, ido a kan jama'a. Ba mai tafa wa rabin zance."

Amshin dai ya riga ni isa Tudun Wada. Washegari yaran layinmu suka bi mai gidanmu da shi har ƙofar masallaci, da gyaran muryar da komai. Da la'asar sai ga sallamarsa.

"Malam, an ce ka yi mini waƙa."

Na ce, "Baba, ai adabi ne."

Ya ce, "Madalla. To, amshin nake jira a amsa mini."