Bil ɗin ruwa bayan an gyara fayif: takarda ta fi hayaniya

Mutanenmu na Gusau da Birnin Kebbi, in bil ɗin ruwa ya zo da kuɗin da ya wuce hankali abin da muka iya shi ne a tafi ofis a ɗaga murya, ko a nemi wani ɗan uwa da ya san oga. Ni kam tunda na zauna Ingila na ga takarda ɗaya mai lambobi ta fi wannan duka aiki.

A nan fayif ɗin da ya taso daga bakin iyakar gidanka zuwa ciki naka ne, in ya fashe kai za ka kira mai gyara, amma kamfanonin ruwa suna da tsarin yafe kuɗin ruwan da ya zube in ka gyara da wuri, galibi dai ba a maimaita maka. Sai dai ba rantsuwa suke so ba, lamba suke so.

Ranar da aka gama gyara ka ɗauki hoton mita, bayan sati biyu ka sake ɗauka. A ce 812 ta nuna sannan 818, wato lita 6,000 ke nan a kwana 14 tunda kowace lamba ɗaya lita 1,000 ce. In ka buga wannan a wata shida kusan 77 ne, su kuma sun rubuto maka 200, to 123 ɗin nan ƙasa ce ta sha ba iyalinka ba. Wannan lissafin shi ne cikin wasiƙar da za ka aika wa kamfanin, sai lambar akawun, ranar da ka gano yoyon, ranar gyara, da rasit ɗin mai gyara. Ka ce a sake lissafi, a dakatar da karɓar kuɗin da ake gardama a kai, kai kuma ka ci gaba da biyan abin da ka saba don kar a ce ka ƙi biya. In sun yi biris akwai CCW da ke karɓar ƙorafin masu shan ruwa kyauta.

To a gida Najeriya fa? Mai gyaran famfo ba ya ba da rasit, gaskiya ne, amma ko a takardar littafi ya rubuta kwanan wata ya sa hannu, ka haɗa da hoton ramin kafin a rufe.

Abin da ya fi ba ni haushi, gidaje da yawa wajenmu ko mita babu, kuɗin wata ne ƙayyadadde. In haka ne yoyo bai isa ya ƙara maka ko naira ɗaya ba, don ba abin da ya auna shi, balle ma watan da rabinsa 'yan garuwa ne suka shayar da gidan. Mai irin wanga gida ya tambaye su a rubuce, da wane ma'auni aka ƙara kuɗin? Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a naka kafin ka bar ofis.