Kujerar da na soke tana zaurena

Falon da za a kai ɗiyata a Sabuwar Unguwa ni na auna shi da kaina, kuma da ƙafata. Na tuɓe takalmi, na riƙa jera diddige da yatsa, na samu taku 12 a faɗi, 13 a tsawo. Haka na je wurin kafinta a wajen Ƙofar Ƙaura na ce mashi ƙafa 12 da 13. Ashe ƙafar da ke jikin tef inci 12 ce, tawa kuwa da Allah Ya ba ni inci 10 ce. Falon ƙafa 10 da 11 ne.

Aikin da na bayar gado ne shida da shida, da wadirof mai ƙofa 4, da madubi, a kan naira 900,000, sai saitin kujeru mai zaman mutum 7 a kan 630,000: mai uku, mai biyu, da masu ɗai-ɗai guda 2. Jimla 1,530,000. Na ba da kafin alƙalami miliyan 1.

Ranar Juma'a mata suka je ganin ɗaki, ƙanen ango ya fito da tef. Mai uku tsawonta ƙafa 7, mai biyu ƙafa 5, kowace kuma tana cin ƙafa 3 daga bango. Bango ɗaya na talabijin ne, biyu akwai ƙofofi. In aka zuba saitin duka, amarya sai ta hau kujera kafin ta shiga uwarɗaka. Uwargida ta dawo ba ta ce mani komai ba, ta dai kalli ƙafata ta girgiza kai.

Abin da ya kamata shi ne in ɗauki waya a daren nan. Kunya ta hana ni. Na yi Asabar ina tsara ƙarya, na yi Lahadi ina gyara ta, Litinin na ce ba a fara mako da mugun labari. Sai Talata na je.

Da muka gaisa ƙaryar ta gudu, na faɗi gaskiya. Na ce, "Malam, kuskure nawa ne, ba na aikinka ba. Falon ƙafa 10 da 11 ne. Ina so a cire mai biyu da mai ɗaya guda ɗaya, sauran aiki ya ci gaba yadda yake. Duk abin da ka riga ka kashe a kansu, mu zauna mu lissafa, ni zan ɗauka."

Ya ce, "Alhaji, da mi ka auna?"

Na nuna mashi. Yaran shago suka sami abin yi a bayan shago.

Faɗin ainihin dalilin ya yi mani rana, don da na ce kuɗi ne suka yanke, da sai ya fara neman yadda zai rage mani ingancin soso. Da ya ji awo ne, ya zana falon a kan guntun filawud, ya tabbatar mai uku da mai ɗaya za su zauna, har ya tambayi faɗin ƙofar shiga don kada mai ukun ta tsaya a waje.

Sannan aka zo lissafi. Ni a gida na raba 630,000 gida 7, kowane zama 90,000, na ce zama 3 ke nan 270,000 za a cire. Ya ce ba a haka ake yi ba, domin aikin kujera a hannuwa yake, kuma mai ɗaya hannu biyu gare ta kamar mai uku. A wurinshi mai uku 230,000 ce, mai biyu 180,000, masu ɗai-ɗai 110,000 kowace. Abin da na soke ya kama 290,000. Na fara murmushi, na ga riba ta 20,000 daga sama. Ya ce in biyo shi ciki tukuna.

Ga firam ɗin mai biyu a tsaye, an haɗa an buga ƙusa, har an ja robar mazauni. Katakon da aka riga aka buga ba ya komawa katako; in ka ɓamɓare shi tsagewa yake yi a bakin ƙusa. Katako 35,000, roba da ƙusa da gam 5,000, kuɗin hannun yaran da suka haɗa 15,000. Ban yi gardama ba, ga abu ina gani. Na mai ɗaya kuwa an yanka ba a haɗa ba, kuma awonshi irin wanda suke yi kullum ne, zai shiga aikin wani. Ya ce wannan ba ruwana. Soso ma yana nan fale-fale ba a sa mashi wuƙa ba, dila zai karɓa, kuɗin Keke Napep kawai zan biya, 3,000.

Yadi ne ya kashe ni. Ya sayo yadi 23 a kan 6,000 kowane. Na mai ɗaya, yadi 4, ba a taɓa shi ba, amma tunda an yanke shi daga bandir mai shago ba zai karɓa ba. Na ce to ya sa wa wani mana. Ya ɗaga yadin sama. Kala ce da uwargida ta zaɓa, tsakanin ruwan hoda da jinin kare, da zanen ganye mai walƙiya. Ya ce, "Alhaji, wa zan sa ma wannan?" Na ce a rubuta 24,000. Na mai biyu kuma, yadi 6, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa daidai baya da mazauni da hannuwa, 36,000. Na tambaya yaushe aka yanka. Ya ce jiya Litinin bayan la'asar. Da na kira shi ranar Juma'a, da yadin nan yana nan ɗungurungum, aƙalla a ɗinka labule.

Aka tara, ya kama 118,000. Aka cire shi daga 290,000, ragin gaskiya ya zama 172,000. Na ɗauka zai ƙara ribar da zai samu a kujerun biyu, don wasu suna sakawa, kuma ba zan ce sun yi zalunci ba tunda aikin an riga an ƙulla shi. Shi ya ce ya bari. Maƙwabcin shagonshi, wani dattijo mai sayar da fenti da muka sa shaida, ya ce wannan shi malamai ke kira iƙala, wato mai saye ya nemi a warware ciniki mai sayarwa ya amince don Allah. Ni dai na ce amin da ƙarfi.

Kafin in tashi na rubuta saƙo a waya na tura mashi, na tura wa dattijon: an soke mai biyu da mai ɗaya guda; na ɗauki 118,000 na katako da yadi da aiki da mota; sabuwar jimla 1,358,000; an biya miliyan 1, saura 358,000; gado da wadirof da madubi da mai uku da mai ɗaya suna nan, ranar kai kaya ba ta canza ba. Wannan na ƙarshen na nanata shi, don kafinta in ya ji an taɓa aiki yakan tura shi bayan layi ya kama na wani. Ya amsa da "Na yarda" a rubuce.

Na miƙe zan tafi, ya ce ai abin da na biya nawa ne, yaushe zan kwashe? Ban yi tunanin wannan ba. Yadi 4 ɗin ya ɗinka wa amarya filon kujera da shi. Firam ɗin kuwa a kan amalanke ya biyo ni gida, ba soso ba yadi, sai roba. Yana zaure yanzu, na shimfiɗa mashi tabarma biyu. Shekaranjiya baffan ango ya zo gaisuwa ya zauna a kai, ya lume har gwiwoyinshi suka zo daidai gemu, sai da ni da yarona muka kama hannuwanshi muka ciro shi.