Ciniki daban, riba daban

Wata 7 ke nan ina riƙe wa Kawu littafin rumfarsa, inda yake sayar da shinkafa, taliya, man gyaɗa da sukari. Abin da na gani ya sa nake ganin yawancin ƙananan 'yan kasuwarmu ba rashin ciniki ne ke karya su ba. Suna cin uwar kuɗi ne a hankali, su kuwa a zatonsu riba suke ci. Wannan abu yana damuna ƙwarai, don mutane ne masu wahala, tun safe har magariba suna tsaye.

Da na fara kawo maganar littafi, cewa ya yi, "Kai yaro, shekara 20 ina kasuwa, lissafina yana kaina." Na ce, "Haka ne Kawu, amma ka ba ni wata ɗaya." Littafin 'yan makaranta na saya da biro. Shafin hagu kuɗin da ya shigo, shafin dama wanda ya fita, kowane da kwanan wata da dalili. Na turansfa yana da layinsa, don ba ya shiga aljihun tebur. Da yamma kafin a rufe sai mu ƙirga: canjin safe, a ƙara tsabar da ta shigo, a cire wadda ta fita, dole ya yi daidai da abin da ke aljihun. In bai yi ba, a ranar ake neman dalili, don gobe ba wanda zai tuna.

Bashi kuma littafinsa daban. A nan mutane ke yawan ruɗewa. In ka ba da kaya bashi ka rubuta shi cikin ciniki, ranar da mai shi ya kawo kuɗin, biyan bashi ne ya shigo, ba sabon ciniki ba. In ka sake sa shi cikin ciniki, ka ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Amma littafin shige da fice shi kaɗai ba zai gaya maka riba ba, sai ka ƙirga kaya. Ranar 1 ga wata mun ƙirga duk abin da ke rumfa a farashin da aka saro shi, ya kama naira 800,000. Cikin wata Kawu ya yi sarin 1,500,000 a kasuwar Singa. Ranar ƙarshe muka sake ƙirgawa, saura na 700,000. Ke nan kayan da suka fita an saro su ne a kan 1,600,000. Cinikin wata kuwa, tsaba da turansfa da bashin 90,000 da aka bayar, ya kai 1,840,000. Tsakaninsu 240,000 ke nan. Daga ciki muka cire dako da kuɗin mota, albashin yaron rumfa, leda, kuɗin tikitin kasuwa, da kason wata ɗaya na hayar shekara, duka 90,000. Riba ta tsaya a 150,000.

Kawu ya yi murmushi, ya ce alhamdulillahi. Sai na buɗe masa shafin da na rubuta "gida" a samansa. Cefane 4,000 kullum, 120,000 ke nan a wata. Adashe 1,000 kullum, 30,000. Gudummawar biki 20,000. Jimla 170,000. Ya samu 150,000, ya ɗauki 170,000, wato ya gutsuri 20,000 daga jari. Ga kuma 90,000 tana hannun mutane. Shi ya sa aljihun tebur bai nuna komai ba, kaya ne suka ragu da na 100,000 a kan kanta. Ya daɗe yana kallon shafin bai ce uffan ba.

Wani zai ce ai cefane wajibi ne, me ya sa za a ware shi? Ba wanda ya ce kada a ci. Amma cefane ba ɗawainiyar rumfa ba ce, ribarka ce kake ɗauka tun kafin wata ya ƙare. In ka haɗa shi da dako da haya, ba za ka taɓa sanin ko kasuwar ce ba ta kawowa, ko gida ne ya fi ƙarfinta ba, alhali maganin kowanne daban ne. Har kwanon shinkafar da za a aika wa Inna ya kamata ya shiga wannan shafi, a farashin sari.

Yanzu Kawu ya yanke wa kansa 3,500 a rana, ya kuma daina ƙara wa mai tsohon bashi sabo. Ƙirgar ƙarshen wata tana cin mana kusan awa biyu bayan la'asar, shi yana kiran kaya da adadi, ni ina rubutawa.